Saƙon Neman Minti Goma Sha Biyar: Yadda Malamin Gona Zai Tallata Jawabinsa ga Kwamitin Shirya Taro

  

Abin da aka ce in yi magana a kai yau ɗan ƙarami ne: saƙon imel da mutum yake aika wa kwamitin shirya taron ƙara wa juna sani, yana neman a ba shi dama ya yi jawabi. Saƙo ne da bai kamata ya wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da an yi ta jan yatsa ba. Abu uku ake so a gani a cikinsa: me za ka faɗa, wa za ka faɗa wa, kuma da me mai sauraro zai koma gida.

Ƙasar noman da ke kewaye da Kano ta daɗe tana ci da masu bincike. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan ya koma Jami'ar Bayero, ya yi ta rubutu a kan yadda manoman wannan yanki suke nome gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, suna riƙe ta da takin dabbobi da haɗa hatsi da wake. Duniya ta karanta, ta yi mamaki. Amma ku duba jadawalin tarukan da ake yi a kan noma, kamar taron shekara-shekara na ƙungiyar malaman gona ta ƙasa, AESON, ko taron da Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero take shiryawa. Galibin masu hawa mumbari malaman jami'a ne da ɗalibansu. Malamin gonar da ya raka su ƙauye, ya tara musu manoma, ya fassara musu tambayoyi, yana can baya yana tafi. Wannan abu yana damuna, domin sau da yawa shi ne ya san inda gizo yake saƙa. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, kuma abin da na gani shi ne mutanen karkara kan aiko da saƙo mai cike da ladabi, amma idan ka gama karantawa ba ka san abin da za su faɗa ba.

Sai ka san halin da mai karanta saƙonka yake ciki kafin ka san yadda za ka rubuta masa. Kwamiti yakan fitar da sanarwar neman maƙalu, ya bayyana babban jigon taro da ƙananan jigogi, ya sa wa'adi, ya faɗi iyakar kalmomin tsakure, wanda sau da yawa yakan kama tsakanin 200 zuwa 300. Idan wa'adi ya cika, sai a raba saƙonnin ga mutane kaɗan, waɗanda duk suna da nasu aikin koyarwa da na ofis. Wasu da dare suke karantawa, a waya. Aikin da ke gabansu na rabon lokaci ne: ga ɗakuna, ga awoyi, kowane mai jawabi zai sami minti goma ko goma sha biyar. Dole su yanke shawara a kan kowane saƙo, a karɓa ko a ƙi, a sa shi ɗaki kaza tare da su wane, ko a ce ya kawo fosta ya manna a bango. Duk saƙon da ya sa su yin dogon tunani kafin su gane inda ya dace, ajiye shi ake yi a gefe, da niyyar a dawo kansa. Ba kasafai ake dawowa ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, misalin da kowa a nan ya sani: ajiyar wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, su suka fito da dabarar tare da abokan aikinsu na Kamaru, aka fara yaɗa ta sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Aikinta mai sauƙin ganewa ne. Idan aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwaron da ke cikin waken yakan shaƙe iskar da ta rage, numfashi ya gagare shi, ya daina ci da haihuwa, ya mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce idan muka tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, dangin wannan fiya-fiya da wasu ke yayyafa wa amfanin gona.

To, a ce malamin gona yana aiki a Shuwaki da Yandadi. Ya lura manoma suna yabon buhun a shekarar farko, amma a shekara ta biyu wasu suna cewa ya daina aiki, har sun fara komawa magani. Ya bi gida-gida ya duba buhunan da aka sake amfani da su, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa. Yanzu ga sanarwar taro ta fito, cikin ƙananan jigogi akwai rage asarar amfanin gona bayan girbi. Ga irin saƙon da yawancinmu za mu fara rubutawa:

«Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, da fatan kuna lafiya, iyali da aiki duk lafiya. Ina mai matuƙar farin cikin ganin sanarwar wannan gagarumin taro mai ɗimbin tarihi. Kamar yadda kowa ya sani, noma tushen arziki ne, kuma wake yana da muhimmanci ga rayuwar al'umma. Don haka nake neman alfarmar a ba ni dama in tofa albarkacin bakina a kan matsalolin ajiyar amfanin gona da hanyoyin magance su. Jawabin zai amfani kowa da kowa. Zan bayyana sakamakon bincikena a wurin taro in Allah ya kai mu.»

Babu rashin ladabi a nan, babu ƙarya. Amma ku sa kanku a matsayin ɗan kwamiti. Wane amfanin gona, wake ko gero ko gyaɗa? A wane gari? Wace matsala? Bincike a kan gida nawa? Mutumin nan ya riƙe ainihin abin da ya gano, ya ce sai an zo taro. Wanda ya kai kaya Dawanau ya san mai saye sai ya soka buhu ya ga ƙwayar a tafin hannunsa kafin ya taya, kuma kwamiti ma haka yake. Wannan ita ce babbar maganar da na zo da ita yau: sakamakon da ka samu, ka faɗe shi cikin saƙon, ƙarara, tun a layukan farko. Wasu na tsoron a sace musu. A ganina haɗarin a yi watsi da kai ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma saƙo mai ɗauke da rana da lokaci shi kansa shaida ne cewa kai ka fara faɗa.

Ga yadda zai sake rubuta shi. Lambobin da za ku ji na ƙaddara su ne don misali, kowa zai sa nasa na gaskiya. A gurbin da waya ke rubuta Subject, wato kanun saƙo, zai sa: «Neman yin jawabi: dalilin da buhun PICS ke kasawa a shekara ta biyu, Kunci, Jihar Kano». Sai cikin saƙon:

«Assalamu alaikum, shugaban kwamiti da mambobi. Ni malamin gona ne a ƙaramar hukumar Kunci, wadda yanzu ake kira Ghari, a arewacin Jihar Kano. Ina neman minti 15 a ƙarƙashin jigon rage asara bayan girbi.

A kakar da ta wuce na duba buhunan PICS 120 da aka sake zuba wa wake karo na biyu, a gidaje 40 na Shuwaki da Yandadi. Buhu 30 na samu da ƙwaro mai rai bayan wata huɗu. A cikin 24 daga cikinsu akwai huji a leda, ko kuma an haɗa ledojin biyu an ɗaure su da igiya ɗaya. Da ido da hannu kawai na duba, ban auna danshin waken da na'ura ba, kuma kaka ɗaya ce.

Jawabin na malaman gona ne da jami'an ayyukan raba buhuna, waɗanda suka riga suka san buhun, suke koya wa manoma amfani da shi. Abin da za su tafi da shi: kafin a sake zuba wake, a cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta a matsa, a ga ko tana sacewa, sannan a ɗaure kowace leda daban. Zan nuna gwajin a gabansu, don haka ina bukatar tebur ɗaya. Na haɗa tsakure da wannan saƙo. Na gode.»

Sai sunansa, da muƙaminsa, da lambar waya. Shi ke nan. Bari mu warware shi.

Gaisuwa tana nan, ba a jefar da ita ba. Bahaushe ba ya shiga gida ba sallama, kuma ban zo in ce ku koyi shiga ba sallama ba. Layi ɗaya ta ɗauka, domin wanda ake gaisarwa yana da saƙonni da yawa a gabansa, kuma rage masa wahala shi ma girmamawa ne. Haka nan batun sunan gari. Wanda ke Ibadan ko Makurɗi bai san Shuwaki ba, don haka aka faɗi ƙaramar hukuma da jiha, aka kuma kawo sunayen biyu don kada mai neman wurin a taswira ya rikice.

Sakin layi na biyu shi ne jikin jawabin, kuma jimla huɗu ce kawai: abin da na yi, a ina, me na samu, da iyakar abin da na yi. Ku lura da yadda lambobin suke bin juna. Buhu 120, 30 sun lalace, wato kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin 30 ɗin, 24 suna da dalili a bayyane. Mai karatu mai kaifin ido zai tambaya nan take, sauran shidan fa? Zai kuma tambaya, buhuna 90 da ba su lalace ba, su ma an duba ko suna da huji? Wannan tambaya ta biyu tana da nauyi, domin idan rabin masu lafiyar ma suna da huji, to hujin bai isa ya zama shi kaɗai ne dalili ba. Malamin gona ya shirya amsar waɗannan kafin ya aika, kuma idan yana da lambar, ya ƙara ta cikin jimla ɗaya. Rubuta gajeren saƙo yakan tona maka gurbin da ke cikin aikinka tun kana gida, kafin wani farfesa ya tona shi a gaban jama'a.

Jimlar da ta ce da ido na duba, ban auna danshi ba, kaka ɗaya ce, mutane da yawa za su so su goge ta, suna ganin tana rage musu daraja. Ku bar ta. 'Yan kwamiti sun san wake mai danshi yakan lalace a cikin leda ko da babu huji, sun san ɓera na huda buhun da aka jingina da bango ko aka ajiye a ƙasa ba katako, sun san ɓawon wake da tsakuwa na yaga leda idan ba a sheƙe da kyau ba. Idan ka yi shiru a kan waɗannan, za su ɗauka ba ka sani ba. Idan ka faɗi iyakarka, sun ga mutumin da za a iya yarda da lambobinsa. Kuma hakan yana taimaka musu su sa ka a zaman da ya dace, na rahotannin aiki daga fage, inda ba za a auna ka da ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje ba.

Yanzu masu sauraro. Jimlar nan ta «zai amfani kowa da kowa» ita ce ta fi kashe saƙonni. Kwamiti ba shi da ɗakin da ake kira na kowa da kowa. Kuma zaɓen mai sauraro yana canza jawabin kansa. Wannan aiki ɗaya na buhuna, idan manoma za ka yi wa bayani, nuni za ka yi da hannu, ka bar lambobi. Idan masu bincike ne, za su so jin yadda ka zaɓi gidaje 40 ɗin, da ko masu ƙorafi kaɗai ka bi. Idan jami'an KNARDA ne da masu ba da tallafi, abin da zai shige su shi ne cewa horo sau ɗaya ranar raba buhu bai wadatar ba, ana bukatar a koma kafin kaka ta biyu. Jawabi uku ke nan daga littafi ɗaya, kuma minti goma sha biyar ba zai ɗauki ukun ba. Ka zaɓi ɗaya, ka faɗi su wane ne, ka faɗi abin da suka riga suka sani. Da malaminmu ya rubuta «waɗanda suka riga suka san buhun», ya tabbatar wa kwamiti cewa ba zai cinye rabin lokacinsa yana ba da tarihin Purdue ba.

Sai abin tafiya gida. Ga yadda za ka gwada naka. Ka ɗauka an tashi daga taro, wanda ya saurare ka ya koma ofis, abokin aikinsa ya ce masa, me mutumin Kunci ya ce? Amsar da kake so ya bayar, cikin numfashi ɗaya, ita za ka rubuta. «Ya yi magana a kan ajiyar wake» jigo ne kawai. «Ya wayar mana da kai» yabo ne, ba a aiki da shi. Amma «ya ce a gwada leda da iska kafin a sake zubawa, a ɗaure kowace daban» abu ne da mutum zai iya yi gobe, zai iya koya wa wani, zai ma iya musantawa idan ya gwada bai ga haka ba. Idan ka rubuta naka ka ga babu wanda zai iya aikata shi ko ya yi gardama a kansa, to da saura. Idan kuma ka ga kana da guda uku, biyu su jira wani taron.

Maganar harshe. Yawancin tarukan noma da na kimiyya a ƙasar nan da Turanci ake aika musu, ko da yake akwai tarukan da ake gabatar da maƙalu da Hausa, musamman na sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Shawarata ita ce ka fara rubutawa da Hausa, a takarda, sannan ka juya. Wanda ya fara da Turancin ofis yakan faɗa cikin manyan kalmomin da ya haddace, su lulluɓe masa cewa bai faɗi komai ba. Da Hausa kuwa, in babu magana, kunnenka zai ji babu. Ka karanta wa wani manomi ko maiɗakinka. Idan suka iya maimaita maka abin da ka gano da abin da kake so a yi, ka juya shi zuwa Turanci mai sauƙi, ka ba wani malamin makaranta ya duba nahawu, amma ka gargaɗe shi kada ya yi masa ado. 'Yan'uwana mata malaman gona, ku da kuke shiga cikin gidaje inda maza ba sa shiga, ku ne kuke ganin yadda ake buɗe buhu a ɗebi na girki a mayar a ɗaure sako-sako, iska ta shiga. Wannan kaɗai jawabi ne cikakke, kuma ina so in ga saƙonninku a gaban kwamitoci.

Sauran 'yan abubuwa ne na hannu, zan wuce su da sauri. Ka sake karanta sanarwar kafin ka aika: idan an ce a cike fom a shafin taro, saƙon imel ba zai maye gurbinsa ba, kuma idan an ce kalma 250, to 250 ne. Idan ka ce ka haɗa tsakure, ka duba ya hau, ka sa wa takardar sunanka da gajeren take. Kada ka jira daren wa'adi, ku kun fi ni sanin halin sabis ɗin waya a ƙauyukanmu. Ka yi amfani da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, wanda kake buɗewa, domin ta nan amsa za ta zo. Kuma ka bincika taron kansa. Akwai masu shirya tarukan bogi da ke karɓar kowace maƙala cikin kwana ɗaya su nemi kuɗin rajista. Ka duba wace jami'a ko ƙungiya ce ta shirya, ka nemi wanda ya taɓa halarta.

Kuɗin rajista da na mota da masauki nauyi ne ga mai albashin ƙaramar hukuma, na sani. Amma kada ka cusa roƙon tallafi cikin saƙon farko, sai dai idan sanarwar da kanta ta ce akwai tallafi a nema. Ka bari a karɓi jawabin. Takardar karɓa ita za ka kai wa shugaban sashenka ko wata ƙungiya da kuke aiki tare, kuma a lokacin ne za ka iya tambayar kwamiti ko akwai rangwame ga ma'aikatan fage.

Idan ranar da suka ce za su ba da amsa ta wuce da mako guda ba ka ji komai ba, ka koma kan saƙonka na farko ka aika tuni na layi biyu, mai ɗauke da taken jawabin da ranar da ka aika. Idan suka ce fosta za ka kawo, ka karɓa. Ga aiki irin na buhuna ma fostar tana da nata amfani, domin za ka tsaya kusa da ita da leda a hannu, duk wanda ya zo ya cika ta da iska ya matsa da kansa, ku yi magana ido da ido fiye da minti goma sha biyar. Idan kuma suka ƙi, ka nemi su faɗa maka dalili cikin ladabi. Wasu za su amsa. In dalilin shi ne kaka ɗaya ta yi kaɗan, ga kaka na tafe: ka koma gidajen nan 40, wannan karon ka duba ledojin duka buhunan, masu ƙwaro da marasa ƙwaro, ka ari na'urar auna danshi idan da hali, ka aika musu baɗi da lambobin shekara biyu.